Kamasho mai hawa-hawa da taget na wata: yadda takarda ɗaya ke haifar da lissafi uku

A wurin manyan dilolin kayan masarufi, irin waɗanda ke ɗauko kaya daga kamfani suna raba wa masu shaguna a kasuwar Singa da unguwannin Kano, an saba biyan wakilin da ke zagayawa da kaya albashi kaɗan, a cika masa da kamasho. Kamashon nan kuwa ba kasafai yake zama kaso ɗaya tak ba. Ana yanka wa wakili taget na wata, a ce in bai kai wani adadi ba ba shi da komai, in ya kai ga kasonsa, in ya zarce kason ya ƙaru. Rigimar da ke tashi a ƙarshen wata tsakanin maigida da wakili, mafi yawanta ba a kan yawan kason ba ce. Dukansu sun yarda kashi 2 ne, da 3, da 5. Inda suke saɓawa shi ne a kan wane kuɗi za a ɗora kowane kaso, kuma galibi takardar yarjejeniyar ba ta faɗa ba.

Bari mu kafa misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman na misali ne, amma tsarin shi ne wanda ake yawan gani. Taget na wata naira miliyan 5. Akwai shinge a kashi 80 cikin 100 na taget ɗin, wato naira miliyan 4: wanda cinikinsa bai kai nan ba, babu kamasho a watan. Daga nan takarda ta ce ciniki har zuwa miliyan 5 kashi 2 cikin 100, sama da miliyan 5 zuwa miliyan 8 kashi 3, sama da miliyan 8 kashi 5. Wakilinmu ya rufe wata da cinikin naira 8,400,000. Nawa za a ba shi?

Hanya ta farko ita ce a yanka cinikin yanki-yanki, kowane yanki ya ɗauki kason matakin da ya faɗa. Miliyan 5 na farko a kan kashi 2 sun ba da naira 100,000. Miliyan 3 na gaba, daga 5 zuwa 8, a kan kashi 3 sun ba da 90,000. Ragowar 400,000 da suka haura miliyan 8 su kaɗai ne ke cin kashi 5, sun ba da 20,000. Jimla naira 210,000. In ka raba wannan da dukan cinikin za ka ga wakilin ya tashi da kashi 2.5 cikin 100, ko da yake ya taɓa matakin kashi 5. Haka ake lissafa harajin albashi a Nijeriya: hawa sabon mataki ba ya sa a sake lissafa kuɗin da ke matakan ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce a dunƙule. A duba matakin da wakili ya kai, a ɗora kason wannan matakin a kan cinikin gaba ɗaya tun daga naira ta farko. Ya haura miliyan 8, saboda haka kashi 5 na 8,400,000, wato naira 420,000. Ninki biyu cif na lissafin farko, kuma babu wanda ya canza ko harafi ɗaya a takardar.

Akwai ta uku, wadda wasu iyayen gida ke fito da ita ranar biya. Su a fahimtarsu miliyan 4 na farko albashi ne ya biya su, kamasho yana farawa ne daga abin da ya haura shinge. A nan yankin kashi 2 ya tsuke ya koma miliyan 1 kacal, daga 4 zuwa 5, wanda ya ba da 20,000. A tara da 90,000 da 20,000 na sama, an sami naira 130,000.

To ga 130,000, ga 210,000, ga 420,000. Wakili yana tafe da lissafin dunƙule a ransa, ya riga ya yi wa kuɗin gurbi a gida. Maigida yana riƙe da na uku. Kowannensu kuma zai iya rantsuwa cewa abin da aka yi magana a kai ke nan, don jimlar "sama da miliyan 8, kashi 5" tana ɗaukar ma'ana biyu, haka ma "sai an kai miliyan 4 ake fara kamasho". Tambayoyi biyu ne ya kamata a amsa a rubuce tun ranar ɗaukar aiki. Shin sabon kaso yana hawa kan yankin da ya haura ne kawai, ko kan dukan cinikin? Shin shinge sharaɗi ne na buɗe kamasho, wanda in an tsallake shi ake lissafawa daga farko, ko kuwa kuɗi ne da ake cirewa kafin a fara lissafi?

Ni dai ina tare da lissafin yanki-yanki, kuma dalilina na riba ne, ba na tausayin wani ɓangare ba. A ɗauka dila yana samun naira 6 a kowace naira 100 na kayan da ya sayar, kafin ya biya kamasho. Kayan masarufi ribarsu siririya ce, yawan juyawa ne ke riƙe da kasuwar. Da lissafin dunƙule, in wakili ya tsaya a miliyan 8 daidai, ribar ita ce 480,000, kamashonsa a kashi 3 ya kama 240,000, saura 240,000 a hannun maigida. Yanzu wakili ya ƙara ƙoƙari ya kai 8,400,000. Riba ta hau zuwa 504,000, amma kamasho ya yi tsalle zuwa 420,000, abin da ya rage wa maigida 84,000 ne. An ƙara sayar da kayan 400,000, shago ya rasa naira 156,000. Kuma tun da yanzu naira 1 kawai ke rage masa a kowace 100, sai cinikin wakilin ya kai miliyan 24 kafin maigida ya koma kan 240,000 ɗin da yake samu a miliyan 8. Duk tsarin da zai sa maigida ya riƙa fatan wakilinsa kada ya sayar da yawa, to akwai gyara a cikinsa, kuma wakilin ne zai fara ɗanɗana kuɗarsa: za a fara ce masa kaya sun ƙare a sito, ko a jinkirta rubuta rasit ɗinsa zuwa ɗaya ga wata.

Da yanki-yanki wannan ba ya faruwa. A miliyan 8 kamasho 190,000 ne, maigida ya rage da 290,000. A 8,400,000 kamasho 210,000, maigida ya rage da 294,000. Ƙarin ba shi da yawa, amma ƙari ne, kuma muddin kason mataki mafi girma bai kai ribar kayan ba, kowace naira da aka ƙara sayarwa tana amfanar su biyun. Wannan ne ma gwajin da ya kamata a yi wa kowane kaso kafin a rubuta shi: a ajiye shi kusa da ribar kayan da wakilin zai fi sayarwa. In akwai kayan da ribarsu kashi 4 ce, kashi 5 na kamasho a kansu asara ce ko da wace hanya aka lissafa.

Sai dai yanki-yanki bai magance matsalar shinge ba, kuma nan ne na fi ganin ana cutar da wakilai. A misalinmu, wanda ya sayar da kayan naira 3,990,000 zai koma gida hannu rabbana. Wanda ya sayar da na miliyan 4 daidai zai karɓi 80,000. Bambancin cinikinsu naira 10,000 ne, bambancin abin da suka samu 80,000. Ka sa kanka a matsayin wakilin da ya waye gari ranar 30 ga wata yana kan 3,900,000. Saura 100,000 ya buɗe kamashon 80,000. Zai iya zuwa wurin wani mai shago da suka saba ya ce, "Alhaji, taimaka ka karɓi katan ashirin ɗin nan, ko ba ka biya yanzu ba, in ba su tafi ba sati mai zuwa na zo na kwashe." Zai iya rage farashi ya cika daga aljihunsa, don ko ya yi asarar 20,000 yana da ribar 60,000. Zai iya ba da bashi ga wanda ya san ba mai biya ba ne. Ba sai mutum ya kasance macuci zai yi haka ba. Lissafin da aka shimfiɗa masa ne ya nuna masa hanyar.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ba a cika lura da shi ba saboda ba ya barin alama a littafi. Wakilin da ya kai 20 ga wata yana kan miliyan 2 ya san ba zai ga shinge ba. Duk abin da ya sayar a sauran kwanakin aikin banza ne a wurinsa. Saboda haka sai ya riƙe odar abokan cinikinsa, ya ce musu mota ta lalace ko kaya na hanya, ya tara su ya zuba a watan gobe inda za su yi masa amfani. Shago ya rasa cinikin kwana goma, wataƙila ma wani mai shagon ya gaji da jira ya koma wurin wani dila.

Ko ba a zo batun shinge ba, matakan da kansu suna saka wa mai tara ciniki a wata ɗaya. Ɗauki wakilai biyu da kowannensu ya sayar da kayan miliyan 14 a wata biyu. Na farko ya yi miliyan 7 da miliyan 7. Na biyu ya yi miliyan 4, sannan miliyan 10. Da yanki-yanki na farko ya sami 160,000 sau biyu, 320,000 ke nan. Na biyu ya sami 80,000 da 290,000, jimla 370,000. Da dunƙule tazarar ta fi faɗi: na farko 420,000, na biyu 580,000. Kaya iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya suka kawo wa shago, amma wanda ya yi aiki a natse shi ne a ƙasa. Wakilai suna gane wannan cikin wata biyu ko uku, tun kafin maigida ya farga.

Gane cewa abin yana faruwa ba shi da wuya in an duba rasit bisa kwanan wata maimakon jimlar wata. Za ka ga ciniki ya taru a kwana ukun ƙarshe fiye da yadda kasuwa ta saba. Za ka ga kayan da ake dawowa da su sun yi yawa a satin farko na sabon wata, kuma daga shagunan da suka karɓa a ƙarshen wancan. Za ka ga wakili yana yin wata mai kauri da wata marar kauri a jere, kamar an tsara. In ka jera cinikin wakilai na shekara, za ka tarar da yawa sun tsaya a 4,020,000 ko 4,050,000, kusan babu wanda ya tsaya a 3,950,000. Kasuwa ba ta san shingenka ba, saboda haka in alƙaluma sun yi cincirindo a bayansa kaɗan, hannun mutum ne ya kai su wurin.

Gyaran da na fi gamsuwa da shi shi ne a rage tsayin tsallen maimakon a cire shingen gaba ɗaya, don maigida yana da hujjarsa: albashi da man mota da yake kashewa a kan wakili dole ciniki ya rufe su. Ana iya biyan kashi 1 ga wanda ya faɗa tsakanin miliyan 3 da miliyan 4. Mai 3,990,000 zai sami 39,900 maimakon sifiri, tsallen ya ragu da kusan rabi, kuma wanda ya makara a wata yana da dalilin ci gaba da fita. Wata hanyar ita ce a riƙa biya wata-wata, amma duk bayan wata uku a haɗa cinikin a auna shi da taget na wata ukun, a cika wa wanda wata ɗaya ya zame masa alhali jimlarsa ta kai. Da haka riƙe oda zuwa watan gobe ba shi da wani amfani sosai.

Duk wannan lissafin mun yi shi ne kamar mun san mene ne "ciniki". A gaskiya kalmar nan ma tana buƙatar a rubuta ma'anarta. Tun watan Fabrairun 2020 harajin VAT a Nijeriya kashi 7.5 cikin 100 ne, kuma kuɗin gwamnati ne da ya biyo ta hannun shago, ba cinikin shago ba. In 8,400,000 ɗin wakilinmu jimlar rasit ce da harajin a ciki, kuma duk kayan masu haraji ne, ainihin cinikin shi ne 8,400,000 a raba da 1.075, wato kusan naira 7,813,953. A lura, rabawa ake yi, ba cire kashi 7.5 daga jimlar ba, don harajin an ɗora shi ne a kan farashin asali. Da wannan kawai wakilin ya sauko daga matakin kashi 5. Kamashonsa na yanki-yanki ya koma kusan 184,419, na dunƙule kuwa ya faɗo daga 420,000 zuwa kusan 234,419. Tun da wasu kayan abinci na yau da kullum ba a ɗora musu harajin ba, ba za a raba jimlar wata a dunƙule ba, sai a bi rasit a ware masu haraji da marasa shi.

Kayan da aka dawo da su su ma suna da nasu lissafin. A ce a satin farko na sabon wata an dawo da kayan 600,000 daga cikin cinikin 8,400,000 ɗin nan, bayan an riga an biya 210,000. Hanya mai tsabta ita ce a koma watan da aka sayar da su a sake lissafi: ciniki ya zama 7,800,000, kamasho ya zama 100,000 da 84,000, wato 184,000, saboda haka za a cire 26,000 daga biyan gaba. Abin da ake yawan yi don sauƙi shi ne a cire 600,000 daga cinikin sabon watan. In a sabon watan wakilin yana matakin kashi 2, naira 12,000 kawai ya mayar a kan kayan da ya karɓi 26,000 a kansu, kuma an koya masa cewa tura kaya a ƙarshen wata yana da riba. In kuwa sabon watan ya tsaya a 4,300,000, cirewar ta jefa shi ƙasan shinge, ya rasa kamashon wata guda sukutum saboda kayan da ba na watan ba ne. Ko ta wane gefe aka duba, ba a yi daidai ba. Batun bashi ma haka yake, shi ya sa dilolin da suka ga jiya suka ga yau suke lissafa kamasho a kan kuɗin da ya shigo asusu, ba kan kayan da suka fita daga sito ba. Amma wanda zai yi haka sai ya yarda cewa kuɗin da ya shigo a makare za a ƙirga wa wakilin shi ranar da ya shigo, kada ya ɓace tsakanin watanni biyu.

Wani abin da ya kamata a faɗa shi ne sau da yawa ba maigida ne ke zaɓar hanyar lissafi ba, wanda ya haɗa teburin Excel ne ya zaɓa masa ba tare da ya sani ba. Hanya mafi sauƙin rubutawa ita ce a jera iyakokin matakai da kasonsu a gefe, a sa VLOOKUP ya ɗauko kason da ya dace, a ninka da ciniki:

```
=B2*VLOOKUP(B2,$E$2:$F$5,2,TRUE)
```

Wannan lissafin dunƙule ne tsantsa. In yarjejeniya yanki-yanki ce, shago yana biyan fiye da kima duk watan da ciniki ya kai miliyan 5. Ga yadda yanki-yanki da shinge suke, in B2 shi ne cinikin wata bayan an cire haraji da kayan da aka dawo da su:

```
=IF(B2<4000000,0,B2*2%+MAX(0,B2-5000000)*1%+MAX(0,B2-8000000)*2%)
```

Kashi 1 da kashi 2 na ƙarshe ba kuskure ba ne. Dabarar ita ce a fara ba dukan cinikin kashi 2, sannan abin da ya haura miliyan 5 a ƙara masa bambancin da ke tsakanin 3 da 2, abin da ya haura miliyan 8 a ƙara masa bambancin da ke tsakanin 5 da 3. A kan 8,400,000 wannan ya ba da 168,000 da 34,000 da 8,000, jimla 210,000, daidai da abin da muka samu da hannu. Alamar `<` tana nufin mai miliyan 4 daidai ya shiga. In aka rubuta `<=` ya fita, kuma 80,000 ɗinsa ta tafi a kan alama ɗaya. Shi ma VLOOKUP mai `TRUE` yana ba wanda ya tsaya daidai kan iyaka kason mataki na sama, saboda haka mai miliyan 8 cif zai ci kashi 5 alhali takarda ta ce sai an haura.

Kafin a yarda da kowane tebur, a gwada shi a bakin iyakoki. A saka 3,999,999 da 4,000,000, a saka 5,000,000 da 5,000,001, a saka 8,000,000 da 8,000,001. A tsarin yanki-yanki wuri ɗaya ne kawai ya kamata a ga tsalle, wato a shinge, daga sifiri zuwa 80,000. A sauran iyakokin biyu ƙarin naira ɗaya bai kamata ya motsa kamasho fiye da 'yan kwabbai ba. In ka ga 150,000 maimakon 100,000 a bakin miliyan 5, ko 400,000 maimakon 190,000 a bakin miliyan 8, to teburin a dunƙule yake lissafi, komai aka rubuta a takarda. Waɗannan alƙaluma shida, tare da misali guda da aka warware kamar na 8,400,000 ɗin nan, su ne ya kamata a maƙala a bayan takardar yarjejeniya, maigida da wakili su sa hannu a ƙarƙashinsu.

Saura abu ɗaya da lissafin kansa ba zai nuna ba. Taget da matakai an rubuta su ne da naira, farashin kaya kuwa ba ya zama wuri ɗaya. In kamfani ya ƙara kashi 20 a kan farashin katan, wakilin da ke sayar da kayan miliyan 7 zai wayi gari yana kan 8,400,000 ba tare da ya ƙara katan ko ɗaya ba, kamashonsa ya tashi daga 160,000 zuwa 210,000. Ƙarin kashi 20 a farashi ya zama ƙarin sama da kashi 31 a kamasho, saboda ya tura shi matakin sama. In farashi ya sauka kuma, shi ne zai faɗo ƙasan shinge ba da laifinsa ba. Dila mai kaya iri kaɗan zai iya kauce wa wannan ta hanyar yanka taget da yawan katan ko buhu, ya bar kason a kan naira. Mai kaya iri-iri kuwa sai ya rubuta a yarjejeniya cewa duk lokacin da farashi ya motsa da wani kaso da aka amince a kai, shinge da taget da iyakokin matakai za su motsa da wannan kason, kuma canjin zai fara aiki ne daga ɗaya ga wata mai zuwa, ba a tsakiyar watan da wakili ya riga ya fara aiki da tsohon lissafi ba.